Yadda ake rubuta sharuɗɗan gyaran ginin dutse don kada ɗan kwangila ya cinye tsohon dutsen

Maradi gari ne na ƙasa da siminti, amma duk wanda ya saba duba tsofaffin gine-gine zai riƙa cin karo da marmara: a gindin bangon tsohuwar makaranta, a harsashin sito, a bakin rijiya, a ƙarƙashin ƙaramar gada. Bayan ambaliyar 1945 da ta sa gari ya tashi daga kwarin Gulbi ya hau tudu an yi gine-gine da yawa, kuma waɗanda suka rage daga wancan zamani ruwa da gishiri sun fara cin gindinsu. In aka tashi gyara, abin da aka saba rubutawa a takardar kwangila layi ɗaya ne: "A gyara duwatsun da suka lalace, a shafe da siminti." Da wannan layin kaɗai ɗan kwangila yana iya farfasa rabin bango ya cika da bulo, kuma ba ka da bakin magana, don bai saɓa wa abin da ka rubuta ba.

Ɗan kwangila yana bin inda kuɗi yake ne, kuma wannan ba laifi ba ne. In takarda ta ce ana biya a kan kowane dutsen da aka sauya, to kowane dutse mai ɗan tabo zai zama lalatacce a idonsa. Aikin mai rubuta sharuɗɗa shi ne ya tsara takardar yadda barin dutse a wurinsa zai zama ƙa'ida, cire shi kuma ya zama abin da sai an nemi izini a rubuce. Yarjejeniyar da masana gyaran tsofaffin gine-gine suka amince da ita a birnin Banis na Italiya a 1964 ta ginu ne a kan girmama kayan asali, kuma Nijar tana da dokarta ta 1997 a kan kare kayan tarihi. Amma magini ba ya karanta waɗannan a bakin aiki. Abin da ke kai wa hannunsa shi ne takardar da ka rubuta.

Don magana ta zauna, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: gindin bangon wani tsohon sito, tsawonsa mita 21, an gina shi da jeri 6 na marmara, kowane jeri duwatsu 50. Fuskar kowane dutse santimita 40 ne a kwance, 20 a tsaye, shigarsa cikin bango santimita 30, gaɓar da ke tsakanin dutse da dutse kuma, inda kwaɓi yake, santimita 2. Duwatsu 300 ke nan. Wani ya taɓa toshe gaɓoɓin jeri biyu na ƙasa da siminti shekarun baya, kuma a nan ne ɓarnar ta fi yawa.

Mataki na farko: ƙirga dutsen kafin ka rubuta komai

Ba a rubuta sharaɗi daga ofis. Ka je da alli, da ma'auni, da ƙaramar guduma, da waya mai ɗaukar hoto. Ka raba bangon mita bibbiyu, ka ɗauki hoton kowane yanki da rana a gefe don inuwa ta nuna rami, sannan ka ba kowane dutse lamba: jeri da harafi, dutse da lamba, kamar B-17. Da alli za a rubuta, ba da fenti ba, don fenti yana shiga ramukan marmara ya ƙi fita.

Ka ƙwanƙwasa kowane dutse a hankali. Lafiyayye yana ba da sauti tsayayye, wanda ya rabu daga ciki kuwa za ka ji shi kamar fanko. Ka auna zurfin abin da ya zaizaye ta hanyar ɗora miƙaƙƙen katako a kan duwatsun da ke gefensa. Daga nan ka raba su gida huɗu. A bangon misalinmu a ce 228 lafiya lau suke. 47 fuskarsu ta zaizaye amma bai wuce santimita 2 ba. 16 sun girgiɗe daga mazauninsu ko kusurwa ta ɓalle. 9 kuma sun ci har sun wuce kashi ɗaya cikin uku na shigarsu, wato fiye da santimita 10, ko sun tsage gida biyu har ba sa ɗaukar nauyin da ke kansu.

Waɗannan 47 su ne za a yi ta gardama a kansu. Ba su da kyan gani, mai gini ma zai so a cire su. Amma dutsen da ke da santimita 28 lafiyayye a cikin bango yana ɗaukar nauyinsa daidai, kuma cire shi yana nufin girgiza maƙwabtansa guda shida. A ganina, wanda ya iya kare waɗannan 47 a takarda ya yi rabin aikin.

Mataki na biyu: sharaɗin da ke riƙe sauran

Ga yadda nake rubuta shi:

"Duk dutsen da ke cikin bangon zai tsaya a wurinsa. Ba za a cire, ko a sassaƙe, ko a sauya wani dutse ba sai wanda lambarsa ke cikin jadawalin da ke haɗe da wannan takarda. In ɗan kwangila ya ga wani dutsen da yake ganin ya kamata a cire, zai dakatar da aiki a wannan wurin, ya sanar da mai duba aiki, ya jira izini a rubuce. Mai duba aiki zai amsa cikin kwana 2."

Kowace jimla a nan tana da abin da take tarewa. Ta farko ta kafa ƙa'ida. Ta biyu ta ɗaure izini da lamba, ba da kalma irin "lalatacce" da kowa zai fassara yadda ya ga dama ba. Ta ƙarshe kuma ta ɗaure mai duba aiki shi ma, kuma kada ka bar ta. Ɗan kwangila yana biyan leburori kullum. In ya kira ka kwana biyar ba ka zo ba, zai cire dutsen ya ci gaba, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare.

Ka guji kalmomin da suke buɗe ƙofa: "inda ya dace", "kamar yadda ake buƙata", "ko makamancinsa", "a yi shi da kyau". Duk inda ka ji hannunka zai rubuta ɗaya daga cikinsu, ka tsaya ka tambayi kanka wa zai yanke hukunci, da wane ma'auni. Amsar ita ce za ta shiga takarda.

Ga duwatsu 16 na gida na uku, sharaɗin ya ce za a zare su da hannu, a share mazauninsu, a mayar da kowanne gurbinsa da fuskarsa ta da a waje. In kusurwa ce kawai ta ɓalle, za a yanke wurin da ya lalace kaɗai a cusa guntun marmara, ba a sauya dutsen gaba ɗaya ba. Ga guda 9 da za a sauya: sabon dutse ya zama marmara mai launi da ramuka irin na tsohon, mai cikakkiyar shiga ta santimita 30, ba siririn falle da aka manna a fuska ba. Marmara tana da laushi lokacin da aka haƙo ta, sai ta sha iska take taurara, don haka ka rubuta cewa za a kawo sabbin tun farkon aiki su zauna a inuwa, mai duba aiki ya gan su kafin a sa. Ka ƙara da cewa a ciri ɗaya a lokaci guda, a tokare na sama da katako, kuma tsofaffin da aka cire dukiyar mai gini ce: a ajiye su da lambarsu, don daga jikinsu ake samun guntayen cushe.

Mataki na uku: kayan aikin da aka hana, da sunayensu

Marmarar da ta shekara da shekaru a waje tana da ɓawo mai tauri a fuska, ƙarƙashinsa kuma ta fi laushi. Duk abin da ya kankare ɓawon nan ya buɗe dutsen ga ruwa. Saboda haka sharaɗin ya ambaci kayan ɗaya bayan ɗaya: ba injin yanka mai faifai, ba burushin ƙarfe, ba injin feshin ruwa mai ƙarfi irin na wankin mota, ba feshin yashi, ba asid. Wanki da ruwa mai tsafta ne da burushi mai laushi. Fenti, man shafawa mai hana ruwa shiga, da shafen siminti a fuskar dutse su ma an hana.

Injin yanka shi ne babban abin tsoro. Yana sauri, samari suna son sa, amma faifan ba ya tsayawa a cikin gaɓa ta tsaye mai santimita 20: sai ya ci dutsen sama da na ƙasa. In ka ga ƴan siraran yanka miƙaƙƙu a saman gaɓa da ƙasanta, an yi amfani da shi bayan idonka. Don haka ka rubuta cewa ba za a ma shigo da shi wurin aiki ba, don ganin sa a ƙasa ya fi sauƙin tabbatarwa a kan kama mutum yana yanka.

Sharaɗin share gaɓa ya zama haka: "Za a share tsohon kwaɓi da hannu, da siririn kurfi wanda bai kai faɗin gaɓar ba, a wuraren da aka yi wa alama kawai. Zurfin sharewa ninki biyu ne na faɗin gaɓa. Kwaɓin asali da bai fita da ƙarfin hannu ba lafiyayye ne, a bar shi." A bangonmu zurfin santimita 4 ke nan. Tsohon kwaɓi shi ma kayan asali ne, mutane suna mantawa da wannan.

Tsohon simintin nan na jeri biyu na ƙasa yana buƙatar nasa sharaɗin. Kada ka rubuta "a cire duk siminti". Ka rubuta cewa za a gwada a kan mita 1 a gaban mai duba aiki. In yana fita ba tare da ya ɓalle bakin dutse ba, a ci gaba. In yana tafiya da bakin dutsen, a cire wanda ya riga ya saki kawai, a bar sauran har ya saki da kansa.

Mataki na huɗu: kwaɓi

A nan ne magini zai yi maka gardama da zuciya ɗaya. Zai ce, "Malam, siminti ai ya fi ƙarfi, me ya sa za mu koma baya?" Ya kamata ka iya ba shi amsa, don sharaɗin da magini bai yarda da dalilinsa ba ranar da ba ka nan ake karya shi.

Amsar ita ce ruwan da ya shiga bango dole ya fita ta wani wuri. Kwaɓi mai laushi yana fitar da danshi kamar yadda randa take tsatsafowa, sai ruwan ya bi ta gaɓa ya bushe, gishirin da ya ɗauko daga ƙasa ya taru a cikin kwaɓin, wanda ake iya sauyawa. Siminti kuwa ya fi marmara tauri kuma ba ya barin ruwa ya wuce da sauƙi, sai danshin ya bi ta jikin dutsen. Gishiri ya daskare a ƙarƙashin fuskar dutse, ya tura ta, ta riƙa zuba gari-gari. Ka kai maginin jeri biyu na ƙasa ka nuna masa: layin siminti ya fito zaƙo-zaƙo yana nan daram, dutsen da ke gefensa ya rame ya koma ciki, ga jan gari a ƙasa da farin gishiri a bakin gaɓa. Wannan ya fi duk bayanin da za ka yi.

Kafin ka rubuta haɗin, ka zaro ɗan tsohon kwaɓi daga can cikin gaɓa. In ƙasa ce, tana narkewa a ruwa, to da ƙasa irinta za a mayar, a ƙasarmu wannan ba baƙon abu ba ne. In fari ne mai ɗan tauri, yana kumfa in an ɗiga masa ruwan tsami, to ƙonanniyar farar ƙasa ta gini ce da yashi. A bangonmu a ce ita ce. Sharaɗin sai ya ce: awo 1 na farar ƙasa, awo 3 na yashi mai kaifi da aka wanke aka tankaɗe, babu siminti ko cokali ɗaya. Ka faɗi irin farar ƙasar da sunan da ke jikin buhu, misali NHL 2 ko NHL 3,5, kada a kawo NHL 5 wadda ta yi wa marmara tauri, kada kuma a kawo farar ƙasar shafen ɗaki. In ɗanyar ƙonanniya ce za a jiƙa a wurin aiki, ka rubuta cewa za ta kwanta a cikin ruwa aƙalla wata 3, masu aiki kuma su sa tabarau da safar hannu, don tana ƙona fata da ido. Ka tabbata ana samun abin da ka rubuta kafin a sa hannu. Abin da ba a samu a kasuwa shi ake maye gurbinsa da siminti a ɓoye.

Yawan kwaɓin ma ka lissafa. Gaɓoɓin bangon duka sun kai kusan mita 186, amma a ce mita 70 ne kawai ke buƙatar cikawa. Mita 70 a faɗin santimita 2 da zurfin 4 ya ba da lita 56. Da asara da mazaunin duwatsun da za a mayar, bai fi lita 150 ba. In ka ga ɗan kwangila ya sa buhu 20 a lissafinsa, ka san ko dai bai karanta jadawalin ba, ko yana shirin shafe bangon duka.

Sauran sharaɗin na yanayi ne, kuma a Maradi shi ne mai wuya. Farar ƙasa tana taurara a hankali, tana buƙatar danshi; in ta bushe da sauri sai ta zama gari. Ka rubuta cewa za a jiƙa gaɓa kafin a cusa kwaɓi, a cusa shi hawa-hawa ana dannawa, a bar shi daidai da bakin dutse ko ɗan ciki kaɗan, ba a shafa shi a kan fuskar dutsen ba. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla. Ba a aiki a kan bangon da rana ke duka kai tsaye. Watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, ka cire su daga jadawalin kwaɓi gaba ɗaya. Lokacin sanyi ya fi, amma iskar hunturu tana shanye ruwa da sauri, don haka rufin buhu ba abin wasa ba ne.

Mataki na biyar: yankin gwaji

Wannan gajere ne. Kafin a taɓa sauran bango, ɗan kwangila zai yi murabba'in mita 1 a wurin da ba ya kan ido: sharewa, cikawa, rufewa. A jira kwana 14, a duba, a sa hannu. Wannan yankin ya zama ma'aunin sauran aikin. Ka rubuta kuma cewa maginin da ya yi gwajin shi zai yi aikin, ba za a sauya shi ba sai da izini da sabon gwaji. A nan ne kuma za ka san kamannin kwaɓi na gaskiya: washegari farce yana shiga, launinsa na yashin ne da haske. Wanda aka saka wa siminti yana yin toka-toka, ya yi tauri cikin kwana ɗaya, ƙusa ba ta kankare shi.

Mataki na shida: biyan kuɗi

Duk abin da ke sama zai rushe in lissafin kuɗi ya saɓa masa. A ce ana biyan jika 6 a kan kowane dutsen da aka sauya, ba a biyan komai a kan wanda aka bari. Duwatsu 9 jika 54 ne. In aka haɗa da 47 da 16 sun zama 72, jika 432. Bambancin ya isa ya sa mutum ya ga lalacewa inda babu.

Don haka ka ba kowane aikin kiyayewa layinsa da farashinsa: sa lamba da hoto, share gaɓa da hannu a kan kowace mita, zare dutse da mayar da shi, cushen kusurwa, rufi da ban ruwa na kwana 7. Mayar da tsohon dutse yana cin lokaci fiye da sa sabo, farashinsa kada ya gaza na sabon. Sauyawa kuma a ɗaure ta da adadi: 9, da ƙarin da bai wuce 3 ba wanda mai duba aiki kaɗai ke iya buɗewa. Sannan sharaɗin hukunci: "Dutsen da aka cire ko aka lalata ba da izini ba, ba za a biya sauyinsa ba, za a mayar da shi da kuɗin ɗan kwangila, kuma za a zaftare adadin da aka ambata a nan daga biyan da ke tafe." Ka rubuta adadin da lamba, ya fi ribar da zai samu a kan dutsen.

Ka raba biyan a kan tsayawa uku, waɗanda ba a wucewa sai an sa hannu: bayan gwaji, bayan an share gaɓoɓi kafin a cika su, da bayan an gama. Ta tsakiyar ta fi muhimmanci, don da zarar an cika gaɓa ba wanda zai san ko santimita 4 aka share ko 1. Kashi 5 cikin ɗari da aka saba riƙewa har shekara guda kuwa, ka tabbata wa'adinsa ya ratsa damina cikakkiya, daga Yuni zuwa Satumba.

Ka sa layi guda a kan tushen ruwan: indararon da ke zuba a gindin bango a tsawaita shi, ƙasar da ta taru ta rufe jerin farko a kwashe ta da hannu, a karkatar da gangare waje, a daina ɗaure dabbobi a jikin bangon don fitsarinsu gishiri ne. In ba a yi wannan ba, sabon kwaɓin ma zai bi tsohon.

Takardun kwangila a Nijar da Faransanci ake rubuta su, masu riƙe kurfi kuwa da Hausa suke aiki. Saboda haka sharaɗi na ƙarshe ya ce ranar fara aiki za a tara magina da leburori a gaban bangon, a karanta musu sharuɗɗan da Hausa, a bi jadawalin dutse bayan dutse ana nuna guda 9 da za su fita, a zagaye su da alli, shugaban magina ya sa hannu a kan kwafin da zai zauna a wurin aiki. Duk sabon ma'aikacin da ya zo daga baya, sai an karanta masa kafin ya ɗauki guduma.